Kwana Talatin na Baba Rajista

Sunansa na yanka Nababa, amma a tashar motar Jabi ba za ka ji mai kiransa haka ba. Baba Rajista ake ce masa, saboda shekara talatin da biyar ya yi a ɗakin fayil na wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, inda ake rubuta duk wasiƙar da ta shigo da wadda ta fita. Tun a Legas ya fara yana ɗan shekara ashirin. Da aka kwaso ma'aikata zuwa Abuja, shi ya rako fayilolin ma'aikatarsu a bayan tirela, kwana biyu yana zaune a kan buhunansu don kada ko ɗaya ya yi ƙafa. Yakan ba da wannan labari har a gaji, kuma ba ya ƙara masa gishiri.

Ya ajiye aiki a 2007, lokacin da kuɗi ke yawo a Abuja kamar ba a san zafinsu ba. Sa'o'insa sun fita da filaye da gidajen haya. Shi kuwa ya fita da ciwon baya da jan biro, sai kuɗin sallamar da ya yi wata goma sha ɗaya yana bi. Da su ya kama ɗan shago a bakin tashar, ya zuba baƙin mai da man birki da filogi da batir. Shagon nan shi ne tuwon gidansa, domin fanshon da ake ba shi ko kuɗin makarantar autarsa ba ya biya.

Bai daɗe ba direbobi suka gane irin mutumin da Allah ya kawo musu. Yamusa, wani direban Kano mai dogon surutu, shi ya fara. Wata rana ya miƙo masa dubu tamanin a leda ya ce, "Baba, riƙe min. In suka kwana a aljihuna, wallahi ba su kai Juma'a." Baba Rajista ya ɗauko littafi, ya ja layi da rula, ya rubuta suna da rana da adadi, ya sa Yamusa ya dangwala yatsa. Kafin shekara ta zagayo masu ajiya sun haura arba'in. Wani yana tarin sayen motar kansa, wani na aure, wani tsoron 'yan fashin hanya yake yi. Da ya ga kuɗin sun fi ƙarfin durowa, sai ya riƙa kai su banki kullum da la'asar, yana zubawa a asusun shagon, tunda shi kaɗai yake da shi. Ko sisi bai taɓa karɓa ba a kan wannan wahala.

Harajinsa kuwa ba sai an tuna masa ba. Kowane farkon shekara da ƙafarsa yake zuwa ofishin haraji, ya cike takardar abin da ya samu, ya biya, ya kawo rasit ya huda ya sa a fayil. A 2013 suka rubuto suna son ganin littafin cinikinsa da bayanan asusun bankinsa na shekarar da ta wuce. Har daɗi ya ji. Ya jera musu komai, ya sa wa kowane shafi lamba da jan biro, ya kai. Littafin ajiya ne kawai bai haɗa ba, don ba su tambaya ba, kuma a ganinsa sirrin mutane ne.

Ranar Litinin uku ga watan Yuni aka kawo masa takarda ya sa hannu ya karɓa. Ƙarin haraji ne aka ƙiyasta masa, naira miliyan ɗaya da rabi da 'yan kai. Ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Duk ribar da ya ci a shekarar ba ta kai miliyan ɗaya ba, kuma kayan shagon kaf in an sayar da ƙyar su biya wannan kuɗi. Babu wani bayani a takardar, lamba ce kawai tsirara. A ƙasa an rubuta cewa wanda bai yarda ba yana da kwana talatin daga ranar da ya karɓa ya rubuto ƙin amincewarsa, ya fayyace dalilansa.

Ya tafi da ita wurin abokinsa Zacharias, mutumin Pankshin, wanda suka yi aiki a ma'aikata ɗaya, shi yana sashen kuɗi. Yanzu yana da ɗan ofis a saman wani bene a Wuse yana yi wa 'yan kasuwa lissafi. Akanta Baba Rajista yake ce masa.

Zacharias ya karanta ya yi tsaki. "Malam Nababa, wannan ai ba wuya. Kuɗin direbobin nan ne suka gani a banki, suka ɗauka ciniki ne. Na rantse maka shi ne."

"Ka gani a rubuce?"

"Ban gani ba. Amma na san aikinsu."

"To zato kake yi. Ni zan rubuta musu su ba ni dalilansu a rubuce, da takardun da suka yi lissafin a kai. In na ga inda suka bi suka iso wannan lamba, sai in san ko zan yi jayayya ko ba zan yi ba. Wa ya sani, ko ni ne na yi kuskure."

"Wannan daidai ne, ka nema. Kowa mai hankali zai nema," in ji Zacharias. "Amma ka haɗa da ƙin amincewa yanzu yanzu. Ka ce ban yarda ba, cinikina kaza ne, ribata kaza ce, sauran kuɗin da ke asusun ajiyar mutane ne, ga littafi. Ka ce in takardunku sun zo zan ƙara wasu dalilai. Neman takarda ba ya tsayar da kwana talatin ɗin nan, oga. Kwanakin tafiya suke yi."

A nan ne fa taurin kan ya motsa. Baba Rajista yana da dokoki biyu da ya rayu a kansu, har ya koya wa duk ma'aikacin da ya biyo ta hannunsa. Ta farko, wasiƙa ɗaya batu ɗaya, don wasiƙa mai batu biyu ba ta da fayil ɗin da za ta zauna. Ta biyu, ba a sa biro a kan magana sai an ga fayil ɗinta. Ta yaya zai ce wa ma'aikacin gwamnati ka yi kuskure, alhali bai ga aikinsa ba? Takardar ma ai cewa ta yi a fayyace dalilai. Ya fayyace me, zaton Akanta?

"Shekara talatin da biyar ban taɓa rubuta zato a takardar gwamnati ba," ya ce. "Kuma da zarar wasiƙata ta shiga an buga mata hatimi, magana ta zama tana kan teburi. Ba a yanke hukunci a kan maganar da ke kan teburi. Wannan ko ɗan aike ya sani."

"A ma'aikatarku ke nan. Wannan doka ce, ba tsarin ofis ba."

"Akanta, kai ka san lissafi, ni na san takarda."

Zacharias ya ɗaga hannuwa biyu ya ƙyale shi. Ya san mutuminsa.

Wasiƙar da Baba Rajista ya rubuta, wallahi abin a sa a gilashi ce. Ya kawo lambar takardarsu da ranarta. Ya roƙi a ba shi dalilan ƙarin a rubuce, da adadin cinikin da aka ɗauka da inda aka samo shi, da kason da aka ɗauka a matsayin riba, da rangwamen da aka cire masa, da kwafin takardun lissafin jami'in da ya yi aikin. Sannan, saboda tsabar son gaskiya, ya rufe da cewa: wannan wasiƙa ba ƙin amincewa ba ce, zan yanke shawara a kan haka bayan na ga takardun. Ranar Laraba, kwana biyu da karɓar takardar, ya kai ta da kansa. Aka buga wa kwafinsa hatimi, ya duba ranar ta fito sosai, ya dawo shago hankalinsa kwance.

Mako ya wuce shiru. Ya koma, wata mata a ɗakin fayil ɗinsu ta duba littafi ta ce wasiƙar tana nan, fayil ɗinsa ne ba ya nan, yana ofishin jami'in da ya yi lissafin, shi kuma ya tafi kwas. Baba Rajista ya gyaɗa kai. Ai haka ake yi, wasiƙa ba ta tafiya ba fayil. Har yaba mata ya yi a ransa, don littafinta tsaf yake.

A gida matarsa Saudatu ta kasa haƙuri. Ita ba ta yi boko mai nisa ba, amma ta iya ƙirga kwana. A rana ta ashirin tana zuba masa abinci ta ce, "Malam, ka rubuta abin da Akanta ya ce mana. Me zai rage ka da shi? Takarda ce fa da biro."

"Saudatu, na riga na amsa musu tun kwana biyu da zuwan takardar. Ga hatimi."

"Ka amsa, ko ka yi tambaya?"

Ya ji haushin tambayar, kuma saboda ya ji haushinta sai ya ƙara kafewa. Zacharias ya kira shi a waya a rana ta ashirin da bakwai, ya sake kira a rana ta ashirin da tara, har ya ce ya riga ya buga takardar, hannu kawai zai zo ya sa. Baba Rajista ya ce masa an tabbatar masa jami'in zai dawo mako mai zuwa, kuma bai ga dalilin da zai sa ya yi wa mutum rashin kunya a bayan idonsa ba.

Takardun sun iso ranar sha biyar ga Yuli, ana cikin azumi, kwana arba'in da biyu da karɓar ƙiyasin. Shafi huɗu ne. Ya shimfiɗa su a kan kwalin batir ya bi su layi layi da yatsa. An tara duk kuɗin da suka shiga asusunsa a shekarar, wata bayan wata, suka kama miliyan arba'in da shida. An ce littafin cinikinsa ya nuna miliyan bakwai kacal, don haka ba a yarda da littafin ba. An ɗauki miliyan arba'in da shidan a matsayin ciniki, aka ɗauki kashi ashirin cikin ɗari a matsayin riba, aka cire masa rangwamen da doka ta ba shi, aka yanka haraji a kan sauran, aka ɗebe ɗan abin da ya riga ya biya. Lissafin bai da kuskure ko na kwabo. Tushen ne ruɓaɓɓe. Ga dubu ɗari uku na Yamusa nan a watan Maris, ga kuɗin auren wani yaron mota da aka riga aka yi har an haihu. Abin da Akanta ya faɗa tun ranar farko, shi ne dai.

Ka san abin takaici? Murna ya yi. Ya ce yanzu ga magana ta fito, yanzu zai iya sa biro. A ranar ya rubuta ƙin amincewarsa, dalili bakwai, kowanne da lambar shafi. Ya nemi izinin masu ajiya ɗaya bayan ɗaya, ya yi kwafin littafin ya haɗa. Washegari ya sa farar shaddarsa ya tafi.

Jami'in sunansa Farouk, matashi ne mai ladabi, sa'an babban ɗansa. Ya ba shi kujera, ya buɗe littafin ajiyar yana juya shafuka, yana kallon yatsun da aka dangwala.

"Baba, da wannan littafin ya zo a kan lokaci, da maganar nan ta mutu a teburina."

"Ai ga shi ya zo."

"Kwana talatin sun cika tun uku ga wata. Ƙiyasin da ba a ƙi amincewa da shi ba a cikin wa'adi ya zama tabbatacce. Ba ni da ikon taɓa shi."

Baba Rajista ya zaro kwafinsa mai hatimi ya ajiye a gabansa. "Wasiƙata ta shigo nan biyar ga Yuni."

"Na gan ta, Baba. Wallahi na so in ɗauke ta a matsayin ƙin amincewa, har na kai wa ogana. Sai ya nuna min layin ƙarshe." Ya juyo da fayil ɗin. An ja layi a ƙarƙashin jimlar da Baba Rajista ya fi alfahari da ita a duk wasiƙar, wadda ta ce wannan ba ƙin amincewa ba ce. Da jan biro ma aka ja shi.

A gefen wasiƙar ya hangi rubutun matar ɗakin fayil: a jira fayil ya dawo. Ta sa rana ta sa hannu, kamar yadda ya kamata. Kwana talatin da uku wasiƙarsa ta yi a tire. Nan take ya tuna wata bazawara daga Gombe da ta yi ta yi masa sintiri a kan haƙƙin marigayi mijinta, yana ce mata fayil yana sama, Hajiya, a dawo mako mai zuwa. Bai taɓa karɓar ko goro a hannunta ba, kuma bai taɓa hawa benen ya ɗauko fayil ɗin ba, don ba aikinsa ba ne. Ko sunanta ya kasa tunawa.

"Amma ku kuka riƙe takardun har wa'adin ya wuce," in ji Baba Rajista.

"Haka ne, kuma ban ji daɗi ba. Sai dai wa'adin daga ranar da ka karɓi ƙiyasi yake farawa, ba daga ranar da muka amsa maka ba." Farouk ya rage murya. "Ka rubuta roƙo a karɓi takardarka a makare, oga ya duba. In akwai dalili mai ƙarfi, yakan saurara. Ba ka yi rashin lafiya ba a watan? Ba ka yi tafiya ba?"

Baba Rajista ya gane ƙofar da yaron ke buɗe masa. Takardar likita a garin nan ba ta fi dubu biyar ba. Ya dube shi ya ce, "Lafiyata ƙalau. Kullum ina shago."

Ya rubuta roƙon, ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, cewa jiran takardunsu ya yi. Bayan sallah amsa ta zo, layi uku: ba a ga dalilin da zai sa a buɗe maganar ba, a biya. Zacharias ya raka shi wurin wani lauya a kan ko za a je kotun ƙararrakin haraji. Lauyan ya ce ana iya gwadawa, a roƙi kotu ta saurare shi duk da ya makara, amma ba ya yi masa alkawari, kuma kafin ya buɗe fayil a ajiye dubu ɗari huɗu. Da suka fito, Zacharias bai ce ai na faɗa maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi sauƙi. Sai kawai ya tare musu tasi ya biya kuɗin.

A lokacin akwai sama da miliyan biyar na direbobi a asusun. Wani ya ba Baba Rajista shawara ya taɓa, ya riƙa mayarwa a hankali, ai su suka ja masa. Maimakon haka, tsoro ne ya kama shi kada wata rana a taɓa asusun da kuɗin mutane a ciki. Cikin kwana huɗu ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowa nasa, kowa ya dangwala yatsa, ya ja layi biyu ya rufe shafinsa. Yamusa ya so a yi masa karo-karo a tashar. Aka tara dubu ɗari da sittin, ya karɓa yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ofishin haraji suka yarda ya biya kashi uku. Kashi na farko ya cinye karo-karon da batura, na biyu ya cinye sauran kayan, na uku ya sayar da ragowar wa'adin hayar shagon ga wani mai sayar da wayoyi. Rasit ukun suna nan a fayil, an huda su daidai.

Yanzu ba shi da shago, amma ƙafarsa ta saba da Jabi. Yakan zo da hantsi ya zauna a benci kusa da mai shayi, ya yi wa direbobi karatun takardar da ta shige musu duhu. In takardar hukuma ce mai wa'adi, kafin ya karanta komai sai ya ƙirga kwanakin da yatsa, ya ce, "Ka fara rubuta ban yarda ba. Tambaya ta biyo baya, a wasiƙa ɗaya." Yana faɗa yana kallon gefe.

Rannan Yamusa ya sauke fasinja ya zo ya tsuguna a gabansa, ya zaro leda daga aljihu. Tun da aka mayar masa da ajiyarsa, kuɗin motar da ya yi shekara uku yana tarawa suka bi ruwa, shi kansa bai san ta inda suka bi ba.

"Baba, dubu hamsin ne. Zan sake farawa. Riƙe min."

Baba Rajista ya kalli ledar. Ya mayar da hannuwansa biyu baya ya haɗe su.

"Na daina karɓar ajiya, Yamusa."

"Haba Baba. To wa zan ba?"

"Ka kai banki."

"Bankin da katinsa ke aljihuna? Ai ka san hannuna."

Ya sani. Ya kuma san a duk tashar nan babu wanda Yamusa zai iya miƙa wa ledar nan ya yi barci. Amma bai saki hannuwansa ba. Yamusa ya jima a tsugune, sannan ya tura ledar a aljihu ya miƙe, don ana ta kiran lodin Kano.